Yadda za ki rufe karɓar aikin biki kafin cunkoson Sha'aban, maganarki kuma ta tsaya

Duk mai sana'ar biki a garin Bauchi ya san yadda Sha'aban yake zuwa. Tun daga tsakiyar Rajab katin gayyata ke fara yawo, kowane gida yana so a kai amarya ɗakinta kafin a ga watan azumi. Asabar huɗu ce a watan, wani sa'in biyar, kuma duk garin a kansu ake rububi. Tela yana kwana a kan keke, mai kwalliya tana tsalle daga wannan unguwa zuwa waccan, mai ƙawata wurin taro yana kwance labule da tsakar dare don ya ɗaura a wani wuri da asuba. Da yake watan Musulunci yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, yanzu Rajab da Sha'aban sun zo sun haɗe da bukukuwan ƙarshen shekara. Azumin 2025 a farkon Maris ya kama, na 2026 kuma a Fabrairu. Ma'ana, daga Disamba har zuwa azumi babu ranar numfashi.

Ni tela ce, kayan mata nake ɗinkawa. Akwai ƙanwata mai kwalliya da wani maƙwabcinmu mai ƙawata wurin biki da muke tura wa juna aiki, saboda haka abin da zan faɗa daga shagunan nan uku na koya. Da mace zan riƙa magana, amma 'yan'uwa maza masu sana'ar, ku ma naku ne.

Shekarar da na fara tallar garaɓasa, na rubuta a sitatus cewa duk wadda ta kawo ɗinkin biki za a yi mata ragi, a hanzarta kafin a rufe. Ban faɗi ranar rufewa ba, domin ni kaina ban san ta ba. Na karɓi biki bakwai. Rigar kamu ta wata amarya sai ranar kamun na kai ta da kaina bayan la'asar, ƙawayenta sun riga sun cika tsakar gida, na tsuguna a ɗaki ina ɗinke mata zif da allurar hannu tana sanye da rigar. Mahaifiyarta ba ta ce min komai ba, ta dai miƙo min cikon kuɗina ta juya. Gidan 'yan mata huɗu ne, kuma ba su sake kawo min ko ɗankwali ba. Tun daga nan nake fara lissafi kafin in buɗe baki in yi talla.

Fara sanin aikin da hannunki zai iya ɗauka

Ranar rufewa daga lissafi take fitowa. Ki ɗauki biro da littafi tun kafin watan Disamba ya kama. A ce ku uku ne a shago, kuma aikin bukukuwan Sha'aban zai ci mako shida. Idan kuna hutawa rana ɗaya a mako, kwanakin aiki 36 ke nan. Kada ki yarda da wannan adadin. Ki cire kwana shida saboda ranar da babu wuta kuma janareto ya ƙi tashi, da ranar da wata za ta kwanta zazzaɓi, da ranar da ke kanki za ki tafi biki ko gaisuwa. Saura 30. Mutum uku, kwana 30, ya zama yini 90 na aikin mutum ɗaya.

Daga ciki ki ware yini 15 domin tsofaffin kwastomominki. Hajiyar da ta shekara biyar tana kawo miki ɗinki ba za ki ce mata babu wuri ba saboda amaryar da kika sani jiya. Saura 75.

Sai ki duba abin da biki ɗaya yake ci. A shagona, rigar amarya mai aikin duwatsu da shafi tana cin yini huɗu na mutum ɗaya. Amarya kan kawo uku, ta kamu da ta walima ko wuni da ta dina, yini 12 ke nan. Ankon ƙawaye da 'yan'uwa, idan mutum 12 ne kuma ɗinkin ba mai wahala ba ne, kowace yini ɗaya. An kai 24. Ki ƙara yini ɗaya na gyare-gyare bayan gwaji, 25. Ki raba 75 da 25, za ki ga biki uku ne cikakku shagon zai iya ɗauka ba tare da an ji kunya ba. Naki lissafin zai bambanta da nawa gwargwadon saurin hannun yaranki da irin ɗinkin da ake yayi, amma ki yi shi da gaskiya, da saurin da kuke yi ranar da kowa ya gaji.

Mutane da yawa idan suka ga uku sai ransu ya ɓaci, su ce ai za a ɗauko ƙarin hannu. Ana iya ɗauka, amma a Sha'aban duk telan kirki yana da aikinsa. Wanda za ki samu zaune a irin wannan lokaci, sai kin farke rabin abin da ya ɗinka. In za ki ƙara hannu, ki ɗauke shi tun Nuwamba, ki gwada shi a kan ɗinkin yau da kullum.

Mai kwalliya lissafinta na awa ne. Ƙanwata tana ba amarya awa biyu har da ɗaurin kai, ƙawa kuma minti arba'in. Idan amarya ɗaya tana Fadaman Mada ɗayar tana Yelwa, tafiyar da haɗa kaya da jiran a buɗe mata ɗaki suna cinye awa guda. Ga shi kuma kusan kowace amarya lokaci ɗaya take so, a gama mata kafin la'asar ko kafin fitar dina bayan isha'i. Shi ya sa ta tsayar wa kanta amare biyu a rana, ɗaya ta rana ɗaya ta dare, in ba gida ɗaya suke ba. Abin da take sayarwa gurbi ne a takamaimiyar rana, kuma da an kama shi ya tafi.

Mai ƙawata wuri kuma kayansa ne iyakarsa. Kujerar ango da amarya nawa gare shi, labule da fitilu da furanni na wuri nawa za su cika a lokaci guda, yara nawa ke masa aiki, mota nawa zai samu. Idan saiti biyu gare shi, biki biyu ne a rana, kuma sai ya tambayi masu ɗakin taron ƙarfe nawa za a ba shi mabuɗi, domin sau da yawa wani bikin ne ke ciki har dare.

Ƙirgo baya daga ranar kamu

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙirga kwanaki daga ranar ɗaurin aure. Amarya tana buƙatar kayanta tun ranar da za a fara shagali, wato kamu ko sa lalle, wanda kan riga ɗaurin aure da kwana biyu ko uku.

Mu ɗauki kalandar 2026 mu gwada. Kamu ranar Alhamis 5 ga Fabrairu. Kaya su bar shago kwana uku kafin nan, Litinin 2 ga Fabrairu, domin in an ga wani abu a gida akwai damar dawowa. Gwaji ya zama mako guda kafin miƙa kaya, Litinin 26 ga Janairu. Ɗinkin kansa ki ba shi mako biyu, tunda ba shi kaɗai ke kan keke ba, ya kai mu Litinin 12 ga Janairu. Yanka kuma kwana huɗu. Mun sauka a Alhamis 8 ga Janairu. Kwana 28 ke nan cif kafin kamu, kuma ita ce ranar ƙarshe da yadi da awo da kafin alƙalami za su kasance a hannunki. Idan ke za ki sayo musu yadin, kuma ba a samu irinsa a kasuwar Wunti ba sai an aika Kantin Kwari a Kano, ki ƙara mako guda.

Ki lura na ce yadi da awo da kuɗi, duka uku. Amaryar da ta biya amma ƙawayenta biyar ba su zo awo ba, aikinta bai shiga layi ba tukuna. Ga waɗanda ke makaranta ko aure a Jos ko Gombe, ki ce su aiko da rigar da ta zauna musu daidai, ta fi awon da za su turo ta waya aminci.

Mai ƙawata wuri yakan rufe mako uku kafin biki, domin sai ya je ya ga wurin da idonsa, ya auna, a tsayar da launi, ya kama hayar abin da babu a rumbunsa. In a fili za a yi, lokacin hunturu ne, iska tana kwashe labule da furen da ba a ɗaure da kyau ba, saboda haka yana buƙatar ƙarin ƙarfe da igiya da mutum. Mai kwalliya za ta iya karɓa har mako guda kafin biki in gurbin yana nan, amma ta nemi amarya ta zo gwajin fuska kafin ranar. Fatar hunturu a bushe take, hoda tana tsagewa a kanta, kuma gara a gano haka da sauran kwanaki a ba ta shawarar man da za ta riƙa shafawa.

Me za ki bayar a garaɓasar

A nan nake saɓawa da mutane da yawa. Lokacin da kowa ke neman tela, ba ki da dalilin karya farashi don a zo. Za a zo. Abin da kike saye da garaɓasa shi ne zuwa da wuri, domin ki san aikinki tun Disamba, ki sayi zare da shafi da duwatsu kafin su yi tsada ko su yanke a kasuwa, ki kuma shimfiɗa aikin a kan makonni maimakon ya taru miki a kwana goma. Saboda haka duk abin da za ki bayar ki ɗaure shi da rana.

Ranaku biyu nake sakawa. Ta farko ranar ƙarewar garaɓasa, misali Lahadi 21 ga Disamban 2025. Wadda ta biya kafin alƙalami kafin wannan rana ta wuce tana da ƙari. Ta biyu ranar rufe karɓa gaba ɗaya, wadda muka ƙirgo ɗazu. Tsakanin biyun farashi na nan yadda yake, babu ragi babu ƙari. Bayan ta biyu kuma an rufe.

Ƙari ya fi ragi amfani a wurina. A ce ɗinkin anko naira dubu takwas ne, mutum 12, jimla dubu 96. Ragin kashi goma cikin ɗari ya fitar da dubu tara da ɗari shida daga aljihunki, kuma kowace ƙawa ɗari takwas kawai ta gani, gobe ta manta. Amma in kika ce duk bikin da ya kama wuri da wuri za a ɗinka wa uwar amarya nata ankon kyauta, yini ɗaya na aiki da zare kika kashe, kuma kin faranta wa wadda ke riƙe da kuɗin bikin. Ita ce kuma za ta ambace ki a gidan biki na gaba. Akwai wata illa ta ragi: wadda kika yi wa dubu bakwai da ɗari biyu a Disamba, da wannan farashin za ta zo miki ɗinkin Sallah. Ki dai tuna ki saka yinin kyautar nan cikin lissafin da kika yi a baya.

Mai kwalliya za ta iya ba da gwajin fuska kyauta, ko ɗaurin kan uwar amarya, ko ta dawo ta gyara wa amarya fuska kafin fitar dina. Tana kuma da wata dama da tela ba shi da ita: ranakun Talata da Laraba a buɗe suke, sai ta sassauta farashin kwalliyar hoton kafin biki ga wadda za ta zo a waɗannan ranakun. Mai ƙawata wuri ya ƙara wurin ɗaukar hoto a bakin ƙofa, ko adon ƙaramin wurin kamu na cikin gida ga wanda ya ba shi aikin dina. Kayan suna rumbunsa, ɗauko su ne kawai.

Haɗin gwiwa tsakanin mu uku yana kawo aiki sosai, domin uwar amarya ta gaji da yawo, in ta samu wuri ɗaya da za a haɗa ta da kowa tana so. Mukan ce wadda ta ɗauki biyu daga cikinmu tana da ƙari daga kowanne. Sharaɗi ɗaya muka kafa bayan mun taɓa samun saɓani: kowa ya karɓi kuɗinsa a asusunsa, ya ba da rasit ɗinsa, ya faɗi ranarsa da bakinsa. Kada tela ta yi alkawarin Asabar a madadin mai kwalliya ba ta kira ta ba. Ranar da aka samu matsala a wurin ɗaya, wadda ta karɓi kuɗin ake nema.

Kafin alƙalami da abin da za a rubuta

"Ki ajiye min ranar, in sha Allahu zan turo" ita ce maganar da ta fi cinye wa masu sana'ar nan Asabar ɗinsu. Ki amsa da fara'a, ki ce kin riƙe mata har gobe da magariba, bayan nan duk wadda ta riga biya ita ke da wuri. Rabin kuɗi nake karɓa. Mai kwalliya ma rabi. Mai ƙawata wuri yakan nemi fiye da rabi, tunda zai biya haya da mota tun kafin ranar. Ciko kuma a biya ranar gwaji ko kwana biyu kafin biki, domin ranar biki babu wanda hankalinsa ke jikinsa, bayan biki kuma kuɗin gida ya ƙare.

In an yi taransfa, ki buɗe asusunki ki ga kuɗin ya zauna. Hoton rasit ko saƙon alat kaɗai ba hujja ba ne, ana ƙirƙirar su, kuma wani lokaci na gaskiya ma yana maƙalewa ya koma. Da kin gani, ki tura saƙo irin wannan nan take:

"Salamu alaikum Hajiya. Na ga kafin alƙalami, Allah ya ƙara buɗi. Kayan amarya uku da anko 12. Awo ya kammala zuwa Alhamis 8 ga Janairu, gwaji Litinin 26 ga Janairu, karɓar kaya Litinin 2 ga Fabrairu in sha Allahu. Ciko ranar gwaji. Ƙarinku shi ne ɗinkin ankonki kyauta. Duk wadda ba ta zo awo ba zuwa ranar 8, nata zai fita daga lissafi. Allah ya kai mu lafiya, ya sanya alheri."

Ki faɗi tun a nan abin da zai faru in an ɗaga biki, domin ana ɗagawa, ko don rasuwa, ko kayan ɗaki ba su kammala ba. Abin da nake yi shi ne, in an ɗaga, kuɗin yana nan yana jiran sabuwar ranar in ina da wuri. In an fasa kafin in sa almakashi, ina mayar da kuɗi in cire abin da na riga na saya. In na yanka, sai dai a kammala. Ga mai kwalliya da mai ƙawata wuri, waɗanda suka kori wasu saboda ranar, adalci ne su riƙe wani kaso in an fasa a kurarren lokaci, matuƙar sun faɗa tun farko an kuma amince. In rasuwa ce, ni dai ban taɓa tsayawa kan sharaɗi ba.

Saƙonnin, da lokacin tura kowanne

Sau huɗu nake magana a kakar biki, sauran kwanakin kuma hoton aiki nake sakawa. Wadda ke rubuta "saura kaɗan" kullum safiya, cikin mako guda an daina buɗe sitatus ɗinta.

Na farko yana fita mako uku kafin ƙarewar garaɓasa, a farkon Disamba:

"Masu biki a Sha'aban, mun buɗe karɓar ɗinki. Biki uku kacal za mu ɗauka bana domin kowa ya samu kayansa a kan lokaci. Wadda ta kama wuri daga yanzu zuwa Lahadi 21 ga Disamba, ɗinkin uwar amarya kyauta ne. Ana kama wuri da rabin kuɗi."

Abu huɗu ne a ciki: wa ake nufi, wuri nawa ne, wace rana, da me ake kamawa. Ki rubuta ranar da sunanta da kwanan watan Bature. In kika ce "goma ga Rajab" za a iya samun saɓanin kwana ɗaya saboda ganin wata, in kika ce "ƙarshen wata" kowa da nasa ƙarshen watan. Ki kuma faɗi dalilin iyakar. Mutane suna karɓar "domin kowa ya samu kayansa a kan lokaci" da daɗin rai, tunda babu gidan da tela bai taɓa saɓa wa alkawari ba.

Na biyu sai wani abu ya canja da gaske: "Alhamdu lillahi, an kama biyu, saura ɗaya." Mai kwalliya ita ta fi kowa cin moriyar wannan, domin za ta iya rubuta ranakun ƙarara: "Asabar 31 ga Janairu ta cika. Asabar 7 ga Fabrairu saura gurbin dare." Amaryar da ta ga ranarta a rubuce ba ta ƙara jinkiri.

Na uku kwana biyu kafin ranar, da kuma safiyar ranar: "Yau Lahadi garaɓasa ke ƙarewa, ƙarfe tara na dare." Na huɗu washegarin rufewa, kuma shi ne wanda aka fi mantawa: "Mun rufe karɓar ɗinkin bikin Sha'aban. Mun gode da amincewarku. Masu biki bayan Sallah, za mu sanar da ranar buɗewa." Wannan saƙon shi ke sa a yarda da ke baɗi.

Game da inda za a saka: sitatus na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, kuma sai wadda kuke da lambar juna take gani. Jerin da ake haɗawa ta "New broadcast" yana ɗaukar mutum 256, amma saƙon ba ya isa sai ga wadda ta ajiye lambarki a wayarta, don haka duk wadda ta shigo shago ki roƙe ta ta ajiye kafin ta fita. Instagram da TikTok 'yan mata suke kawowa, su ne ke zaɓar salo. Amma mai biyan kuɗi sau da yawa uwa ce ko gwaggo ko yayar amarya, kuma su ba a aika musu da talla kamar kowa. Ki yi musu saƙon murya, ki gaishe su yadda ya kamata, ki ce, "Hajiya, na ji an sa ranar 'yar ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Na ce in sanar da ke da wuri, wuri uku ne gare ni bana, kada a cika ban gaya miki ba." Gida biyar da kika yi wa haka sun fi hoton da mutum ɗari biyar suka kalla suka wuce. Hoton amarya kuma kada ki saka sai da izininta, wasu gidajen da mazajen ba sa so, kuma sun fi ki gaskiya. Rigar a jikin gunkin shago ma ta isa.

Bayan an rufe

Nan ne aikin yake da wuya, domin Bauchi gari ne da kowa ya san kowa. Kwana uku da rufewa za a yi sallama, ga ƙawar mamanki da leda cike da leshi. "Haba 'yata, ni ce fa. Kala biyu ne kawai." Ba za ki ce mata dokar shago ce ba. Ki ba ta wurin zama, ki kawo ruwa, ki buɗe littafin ki nuna mata. Ni abin da nake cewa shi ne, "Mama, wallahi in na karɓa kunya zan ba ki ranar biki, kuma ke ce ba zan so in ba kunya ba. Bari in haɗa ki da wadda na yarda da hannunta." Sai in kira telar a gabanta. Shi ya sa tun kafin kaka nake shiryawa da mutum biyu da zan riƙa tura wa aiki, su ma suna turo min a lokacin da nake da sarari.

In kuma akwai abin da ba yadda za ki yi, daga yini 15 ɗin nan da kika ware zai fito, kuma da kuɗin gaggawa, tunda yaran shago za su yi aikin dare kuma janareto zai sha mai. Ki faɗi kuɗin kafin ki karɓi ledar. Kuma kada ki saka shi a sitatus.

Abin da ba na yi ko kaɗan shi ne sanar da cewa an ƙara kwana uku saboda yawan roƙo. Wadda ta ranto kuɗi ta biya ranar 21 don kada ta rasa za ta ji an yaudare ta, sauran kuma sun koyi cewa ranarki ba rana ba ce. Haka ma cewa saura ɗaya alhali babu wanda ya kama. Ƙarya ce a ciniki, kuma tana fitowa, domin amaren gari ɗaya ne, ƙawayensu ɗaya, suna haɗuwa a gidan lalle su yi hira.

Wani lokaci ranar garaɓasa takan wuce ba a kama ko ɗaya ba. Kada ki firgita ki zubar da farashi. Ki duba inda abin ya tsaya. In ana kallon sitatus ba a tambaya, ko dai hotunan ba su nuna aikin da kyau ba, ko waɗanda ke gani ba masu biki ba ne, sai ki koma ga saƙon murya da gidajen da aka sa wa rana. In ana tambayar farashi a ɓace, wataƙila rabin kuɗin ne ya yi nauyi a lokacin, musamman in ba a kawo lefe ba, tunda yadin da amarya za ta ɗinka sau da yawa daga cikinsa zai fito. A irin wannan za ki iya karɓar kashi ɗaya cikin uku don kama wuri, a cika rabi ranar da aka kawo yadi, ranar rufewa kuma tana nan inda take. In kuwa an cika cikin kwana uku da buɗewa, farashinki ya yi ƙasa, ki rubuta a littafi domin kaka mai zuwa.

Waɗanda suka zo a makare, ki rubuta sunansu da lamba da ranar bikinsu a shafi na daban. In wani biki ya ɗaga, su za ki fara kira bi da bi. Da yawansu kuma suna da wani bikin a Shawwal, ga ɗinkin Sallah da zai faɗo tun makon farko na azumi. Bikin da za a yi kamunsa mako biyu bayan Ƙaramar Sallah, kwana 28 ɗinsa a tsakiyar azumi yake faɗawa, lokacin da kekuna ke cike da kayan Sallah, saboda haka nasu awon da yadin nakan karɓa tun kafin a ga watan Ramadan.